Tsinin "s" da Bugun "p": A Bakin Makirfo Za a Kashe Su, Ko a Kwamfuta?

Masu ɗaukar murya sun daɗe suna jayayya kan aibi guda biyu da kusan kowane faifai ke zuwa da su. Na farko shi ne tsinin da ke fitowa a haruffa irin su "s" da "sh" da "ts", wanda ke soke kunne idan aka sa abin sauraro. Na biyu shi ne bugun da ake ji "bum" idan mai magana ya furta "p" ko "f" ko "b" daf da makirfo. Ɓangare ɗaya, galibi waɗanda suka koyi aiki a gidajen rediyo, suna cewa duk wanda ya bar waɗannan suka shiga faifai ya riga ya ɓata aikin, kuma abin da zai yi daga baya faci ne kawai. Ɗaya ɓangaren, matasan da suka buɗe ido da kwamfuta, suna cewa a bar mutum ya yi maganarsa yadda ya saba, sauran aikin na manhaja ne. Ni dai a ganina jayayyar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ne saboda ana haɗa abubuwa biyu da ba jinsinsu ɗaya ba, ana nema musu hukunci guda.

Bugun "p" iska ce. Idan leɓɓa suka rufe sannan suka buɗe, wani dunƙulen iska yakan fita da gudu, ya doki fatar nan mai laushi da ke cikin makirfo, ya tura ta fiye da yadda sauti zai tura ta. Wanda ke zaune gabanka ba ya jin wannan bugu, domin kunnensa ba ya santimita biyar daga bakinka. Makirfo ne kaɗai ke ji. Yawancin ƙarfinsa yana can ƙasa, ƙasa da 150 Hz, sau da yawa ma ƙasa da 100. Makirfon da ke ɗaukar sauti ta gaba kawai yana ƙara dagula lamarin, don irinsa yana kumbura ƙananan sautuka duk lokacin da baki ya matso kusa.

Tsinin "s" kuwa sauti ne na gaske, kuma yana cikin kalmar. Iska ce ke matsewa tsakanin harshe da dasashi ta doki haƙora, ta haifar da ƙara mai yawan ƙarfi a sama, wajen 5,000 zuwa 8,000 Hz, wani lokaci har 10,000. Na "sh" ya fi sauka ƙasa, wajen 3,000 zuwa 5,000. Idan ka cire bugun "p" gaba ɗaya, kalmar tana nan lafiya lau. Idan ka cire "s" gaba ɗaya, kalmar ta tafi. Duk hujjar da za a kawo, sai a fara tambaya: a kan wanne daga cikin biyun ake magana?

Wani tsohon injiniyan rediyo da na sani, wanda ya yi aiki tun zamanin da ake yanka tef da reza, shi ne mafi tsauri a ɓangaren farko. Ƙa'idarsa ba ta da yawa. Baki ya yi nesa da makirfo kamar taƙi guda, wato santimita 15 zuwa 20. Rariyar nan mai zagaye ta tsaya tsakani, tana nesa da makirfo da kamar faɗin yatsu uku ko huɗu, domin idan ta manne masa iskar ba ta samun wurin watsewa. Sannan kada makirfo ya fuskanci baki kai tsaye. A ɗaga shi daidai hanci yana kallon ƙasa, ko a kauce da shi gefe kaɗan, yadda iska za ta wuce ta gefensa sauti kuma ya shiga. Yakan sa sabon mai gabatarwa ya ɗora tafin hannunsa gaban bakinsa ya ce "Potiskum, Panshekara", ya ji inda iskar ke sauka, sannan ya ce masa nan ne wurin da makirfo ba zai taɓa zama ba.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce akwai bugun da ba ya gyaruwa. Idan iskar ta yi ƙarfi har ta cika ma'aunin na'ura, kan igiyar sautin yakan yanke ya zama shafaffe, kuma wannan yankewar tana watsa ƙazanta har cikin manyan sautuka. Daga nan ko ka tace ƙasa duka, za ka bar wani "ƙwas" a sama wanda ba ya cikin muryar mutumin. Shi ya sa yake ɗaukar murya da sarari, ƙololuwarta na tsayawa wajen desibel 12 zuwa 6 ƙasa da iyaka. Hujja ta biyu ita ce shirin kai tsaye ba shi da "daga baya". Ta uku kuma ta shafi "s": tashoshin FM suna ɗaga manyan sautuka kafin su watsa, rediyon mai sauraro kuma ya mayar da su daidai. A tsarin da ake bi a Turai da Afirka, ɗagawar tana kai wa kusan desibel 10 a 10,000 Hz. Saboda haka "s" da ta fito da tsini daga sutudiyo ita ce ke fara cika na'urar watsawa, ta fito a rediyo kamar ana yayyaga takarda.

A kan bugun "p" ban ga abin da za a ce masa ba. Ya yi gaskiya, kuma maganinsa ya fi araha: rariya ko da ta safar mata ce aka ɗaura a zoben waya tana aiki. Inda na rabu da shi shi ne inda yake ɗauka cewa dabarar da ta kashe bugu za ta kashe tsini. Kaucewa gefe tana rage "s" kaɗan, gaskiya ne, domin manyan sautuka sun fi tafiya a miƙe. Amma tana rage hasken muryar duka tare da ita. Rariya kuwa ba ruwanta da "s" ko kaɗan. An yi ta ne don ta tare iska ta bar sauti ya wuce, "s" kuma sauti ce. Na ji wani mai sayar da kayan sutudiyo yana rantse wa mai saye cewa idan ya haɗa rariya da soso a kan makirfo, tsini ya ƙare. Soso mai kauri yana ɗan dusashe sama, shi ke nan, kuma yana dusashe wasula da baƙaƙe ba tare da ya zaɓa ba.

Ɓangare na biyu su ma ba su zo hannu rabbana ba. Wani matashi mai haɗa sautin littattafan da ake karantawa ana ɗorawa a YouTube ya ce mini shi bai taɓa ganin yawancin masu karatunsa ba. Suna ɗauka a ɗakunansu, da makirfon da suka samu, su turo masa. Wa zai gaya wa matar da ta karanta babi guda da dare bayan yara sun yi barci cewa ta sake saboda "f" ɗinta na bugu? Ya ƙara da wata magana da na ga tana da nauyi: mutumin da aka cika wa kunne da "kada ka matso, kada ka juya, sassauta s ɗinka" yakan daina karatu ya koma gadin bakinsa. Muryar takan fito tsaf, amma babu rai a cikinta. Kuma mai wushirya, wanda "s" ɗinsa kan zo da ɗan fito, ba za ka gyara masa haƙora da matsar da makirfo ba.

Akwai kuma abin da shi tsohon bai cika son amsawa ba: yawancin tsinin da ke damun mutane ba daga baki yake ba, daga sarrafawa yake. Makirfon kwandensa masu araha, irin BM-800 da ya cika kasuwa, sukan zo da ƙarin haske a sama. Sai a zo a sa kwamfiresa. Aikinsa shi ne danne wurare masu ƙarfi, waɗanda a magana wasula ne, sannan a ɗaga komai gaba ɗaya. "S" ba ta kai wasali ƙarfi ba, don haka sau da yawa takan tsallake dannewar amma ta ci ribar ɗagawar. Sai kuma a ƙara haske da ikwalaiza don murya ta fito fes a waya. Kafin a ankara, "s" da ta shiga da ladabi ta zama allura. Tunda a kwamfuta aka haife ta, in ji matashin, a kwamfuta za a yi maganinta. Wannan ma gaskiya ne.

To, bari a bi aiki ɗaya daki-daki, don a ga inda kowanne ke da iyaka. A ce mace ce ta karanta labari da kwandensa mai araha, bakinta kusan manne da shi, babu rariya. A ciki akwai jimlar nan: "Ta buɗe ƙofa, ta ce su tsaya su sha fura." Idan aka buɗe faifan a Audacity aka faɗaɗa hoton, za a ga bugun tun kafin a ji shi. A farkon "fura" akwai wani babban lanƙwasa mai faɗi, guda ɗaya ko biyu, wanda ya karkata sama ko ƙasa, ba kamar ƙananan igiyoyin wasali masu maimaita kansu ba. Tsawonsa bai cika wuce kashi ɗaya cikin ashirin zuwa ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba.

Matakin farko shi ne a sa High-Pass Filter a kan faifan duka, a 80 Hz. Muryar mace takan fara ne daga wajen 165 Hz zuwa sama, don haka babu abin da ta rasa, har 100 ma ana iya kaiwa. Da namiji ne mai kauri, wanda gindin muryarsa kan sauka zuwa 85 ko 90, da sai a tsaya a 70 ko 80. Wannan zai kwashe ƙananan bugu da gurnanin janareta da ke ratsowa ta bango. Babban bugun "fura" zai ragu amma yana nan. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a ci gaba da tura tacewar sama, 150, 200, 250, a kan faifan duka har bugun ya ɓace. Zai ɓace, amma muryar za ta koma siririya kamar ta cikin tarho. Abin da ya dace shi ne a zaɓi wannan ɗan gutsuren kaɗai, daga inda lanƙwasar ta fara zuwa inda wasalin "u" ya kama, a tace shi shi kaɗai a 150 ko 200 Hz. Idan da saura, a rage shi da desibel 6 da Amplify. Kada a goge gutsuren ɗungurungum, domin "fura" za ta koma "ura", kuma wurin yankan zai iya barin ɗan "tik". Manhajoji irin su De-plosive na iZotope RX wannan aikin suke yi da kansu: su gano bugun, su tace ƙasa a wannan lokacin kaɗai. Suna yi da kyau, sai dai idan an matsa musu sukan ɗauki gindin muryar namiji a matsayin bugu.

A nan lissafi ya goyi bayan tsohon. Bugu ɗaya yana cin kamar rabin minti a gyara da hannu. Babin da ke da bugu ɗari ya cinye kusan awa guda, a kan abin da rariya za ta hana tun farko.

Wani abin lura ga mai aiki da muryar Bahaushe: kada ya zauna jiran harafin "p" kawai don ya ga ba ya cikin rubutunmu. "F" ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin ta, ba da haƙori da leɓe ba, kuma a bakin mutane da yawa takan fito kamar "p" sak. A Sakkwato da yawancin Nijar kuma, inda ake cewa "hura" da "hwara", iskar ba ta ragu ba, ta dai canja kama zuwa huci mai tsawo, wanda ya fi wuyar yankewa don ba shi da iyaka bayyananniya. "B" tana bugu amma ba sosai ba. "Ɓ" kuwa kusan ba ta fitar da iska, saboda maƙogwaro ƙasa yake yi lokacin furta ta. Gwajin tafin hannu zai nuna wannan cikin daƙiƙa biyar.

Yanzu sai "su tsaya su sha". Kafin a taɓa komai, sai a nemo inda tsininta yake. A ɗauki ikwalaiza, a yi ƙunƙuntar ɗagawa, a zagaya da ita tsakanin 4,000 da 10,000 Hz ana maimaita "su", har a kai inda kunne ya ce a'a. A ce an same shi a 7,000. Sai a cire ɗagawar, a sa De-esser a wannan wurin. Shi De-esser kwamfiresa ne da aka toshe wa kunne daga komai sai wannan yanki: idan ƙarfi ya haura Threshold a can, sai ya danne. A sauke Threshold a hankali har allurar ta riƙa motsi a kan "s" kaɗai, tana nuna ragin desibel 3 zuwa 5, tana kwance a kan wasula. Yawancinsu suna da maɓallin Listen da ke jiyar da kai abin da ake cirewa. Idan ka ji "s, s, s" kawai, kana kan hanya. Idan ka fara gane kalmomi, ka ci cikin nama.

Matsalar tana fitowa ne a "sha". Tsininta yana wajen 4,000, don haka ta wuce ta ƙarƙashin tarkon. Sai mai gyara ya ce bari ya sauko da tarkon zuwa 4,000 ya kama duka biyun. To a nan fa wasalin "i" yake da haske, nan ƙarar "ƙ" da "c" take, sai muryar ta riƙa nutsewa tana tasowa a tsakiyar kalma. Ga kuma "ts", wadda a Hausa gajeriyar fashewa ce mai kaifi, kuma kaifin nan ne shaidarta. De-esser mai saurin kamu yana iya aske mata kai har ta matso kusa da "s". Harshen da ke bambanta sara da tsara da shara da waɗannan sautuka kaɗai ba zai ɗauki askin da wani harshe zai ɗauka ba. Idan ragin ya kai desibel 8 ko 10, mai karatun za ta koma kamar mai tsamin baki, harshe tsakanin haƙora. Wannan ita ce alamar da ba ta ƙarya: da zarar ka ji tsamin baki, ka wuce gona da iri, koma baya.

Mafita a wannan faifan ita ce tarko biyu marasa zurfi maimakon ɗaya mai zurfi: ɗaya a 7,000 yana cire desibel 4, ɗaya a 4,000 yana cire 2 ko 3, sannan 'yan tsirarun da suka gagara a bi su da hannu, a rage kowacce ita kaɗai. Ragewa da hannu ta fi komai tsabta domin ba ta canja launin harafin, ƙarfinsa kawai take saukewa. Akwai kuma zaɓi tsakanin Wide da Split. Na farko yana sauke muryar duka na ɗan lokacin, na biyu yana sauke saman kaɗai. Split ya fi ɓoyuwa a inda "s" ta haɗu da wasali, kamar a "z" mai amo, amma shi ya fi saurin kawo tsamin baki. Wide ya fi kama da yadda hannu zai yi, amma idan ya yi yawa sai a ji murya tana tsalle.

Ko a cikin 'yan kwamfutar ma ba a daidaita kan inda De-esser zai zauna ba. Wasu na sa shi kafin kwamfiresa don kada tsinin ya ruɗa shi. Wasu na sa shi bayansa, suna cewa tunda kwamfiresa da ikwalaiza ne ke tayar da tsinin, a bari su gama ɓarnarsu tukuna. Na fi karkata ga na biyun idan an ƙara haske da yawa, amma na ji faifai masu kyau daga kowane tsari, kuma akwai masu sa kaɗan gaba kaɗan baya.

Da ake wannan zance, wani mai ɗaukar wa'azi ya tsoma baki ya ce shi duk wannan bai dame shi ba, Noise Reduction yake sa wa komai ya huce. Ya ɗauka "sss" ɗin da ake nufi shi ne shuwar da ke kwance ƙarƙashin faifai daga fanka ko na'ura mai araha. Wannan wata cuta ce daban. Noise Reduction yana koyon ƙarar da ba ta canjawa ne ya cire ta, kuma da yake "s" ta yi kama da irin wannan ƙara, idan aka matsa masa yakan cinye gefunanta ya bar ta tana walƙiya kamar ana magana a cikin ruwa. Amma tsoma bakinsa ya jawo tambayar da ta fi ta kowa nauyi, don ya ce wani lokaci yakan ɗauki karatun Alƙur'ani.

A ilimin tajwidi, sadi da sinun da zayun su ne haruffan safir, wato fiton nan da ke fita tare da su sifa ce da ake koyarwa, ake kuma gyara wa ɗalibi idan ya rage ta. Shinun tana da tafasshi, bazuwar iska a baki. Haruffan hamsi, irin su fa'un da ta'un da kafun, ana son a ji numfashi na bin su, ba'un kuma tana cikin haruffan ƙalƙala. Wato abubuwan da De-esser da De-plosive aka ƙera su farauta, su ne makaranci ya shekara yana gogewa. Wanda ya ɗora saitin da ya saba sa wa mawaƙi a kan irin wannan karatu zai iya mayar da sinun ta yi kama da sa'un mai ɗigo uku, ya jingina wa makaranci laifin da bai yi ba. A irin wannan aiki ina tare da tsohon ɗari bisa ɗari: nisa, rariya, makirfo marar tsini, dainamik idan akwai, irin su SM58 ko SM7B na Shure. Idan dole sai an taɓa, desibel 2 ko 3, kuma wanda ya san tajwidi ya saurara kafin a fitar.

Saura tambayar da ɓangarorin biyu ke mantawa: a ina za a saurari abin? Lasifikar waya ba ta iya fitar da ƙananan sautuka, don haka bugun "p" kusan ba ya jiyuwa a cikinta, amma tana tura "s" gaba. Abin sauraro na kunne da lasifikar mota su ke tona asirin bugu. Rediyon AM da gajeren zango suna yanke sama tun wajen 4,500 zuwa 5,000 Hz, saboda haka wanda ya danne "s" sosai don irin wannan tasha ya rage abin da dama kaɗan ne zai isa. Faifan da za a matse ya zama ƙaramin MP3 don ya bi ta WhatsApp kuwa, tsinin da aka bari yakan dawo da ƙarin ƙazanta. Mai gyaran da ya yanke hukunci da lasifika ɗaya tak, hukuncin wannan lasifikar ya yanke.

Idan aka ce in raba gardama, zan ba tsohon bugu, in ba matashin rabin tsini. Bugu laifin wurin zama ne, kuma barin sa ya shiga da gangan don akwai manhaja ɓata lokacin kai ne, ban da haɗarin wanda ya cika ma'auni ya ƙi gyaruwa. Tsini kuwa dole wani kaso nasa ya jira kwamfuta, domin sai an gama matsawa da haskakawa ake sanin girmansa. Ɗaya rabin ban ba kowa ba, saboda ya danganta da mai magana da abin da yake karantawa. Ita mai karatun littafin, matashin ya ce ya aika mata rariya da saƙon ta ja baya taƙi guda. Bugun ya ɗauke a babi na gaba. "Sh" ɗinta kuwa har yanzu da hannu yake bin ta.